Sitatin da ciwon jiki: abin da maganin ke yi, da yadda ake gane ko shi ne mai laifi

A layin karɓar magani na kowane asibiti a Zariya, daga Shika har Ƙofar Gayan, akwai ƙwayar da ake yawan karɓa amma ba a cika shanyewa ba. Mai hawan jini yana riƙe da maganin hawan jininsa, domin yana ganin lamba tana sauka a na'urar awo. Mai ciwon suga shi ma haka. Amma ƙaramar ƙwayar nan ta rage kitsen jini, wadda likitoci ke kira sitatin, ita ce ake fara ajiyewa a bayan kwaba. Wani ya ce tun da ya fara ta cinyoyinsa ke ciwo, wani an gaya masa a majalisa tana cinye hanta, wani kuma tsoronsa shi ne in ka fara ba ka bari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tushe, kuma yana da amsa, amma amsar ba ta fahimtuwa sai an san aikin da maganin ke yi.

Kolastarol, wato kitsen jinin da ake magana, ba baƙo ba ne a jiki. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi hanta ke haɗa ruwan matsarmama. Mafi yawansa ma jiki ne ke ƙera shi da kansa, hanta ce babbar maƙera, abin da ke shigowa ta abinci shi ne ƙaramin kaso. Shi ya sa za ka ga mutum siriri, wanda ya daina cin man shanu da kilishi mai kitse, amma takardar gwajinsa ta fito da lamba a sama. Tun da kitse ba ya narkewa a jini, sai an ɗauke shi cikin wasu ƙananan ƙunshi, kuma wanda ya fi damun mu shi ne wanda ake rubuta wa LDL a takardar gwaji. Idan ya yi yawa, yakan kutsa ƙarƙashin shimfiɗar cikin jijiyar jini ya maƙale, jiki ya turo sojojinsa su haɗiye shi, wurin ya kumbura, a hankali a samu wani tudu mai laushi a ciki da ɓawo a sama. Shekaru yake ɗauka yana girma ba tare da mutum ya ji komai ba. Ranar da ɓawon ya tsage, jini ya daskare a kansa nan take ya toshe hanyar. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Sitatin a hanta yake aiki. Akwai wani sinadari mai suna HMG-CoA reductase da ke riƙe da mataki mafi muhimmanci wajen ƙera kolastarol, shi maganin ke danne wa. Da hanta ta ga nata ya yi ƙaranci, sai ta ƙara yawan ƙofofin da ke jikinta masu cafke LDL daga cikin jini, ta riƙa janye shi tana amfani da shi. Wannan janyewar ce ke sauke lambar. Masana biyu, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano waɗannan ƙofofi, aka ba su kyautar Nobel a 1985. Sitatin na farko kuwa wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya samo shi a jikin fumfuna a shekarun 1970, kuma a 1987 aka fara ba da izinin sayar da irinsa a Amurka. Bayan rage sabon kitsen da ke shiga bangon jijiya, maganin yana kwantar da kumburin tudun da ya riga ya taru, ɓawonsa ya ƙara ƙwari, tsagewa ta yi wuya.

Amfanin yana da ma'auni. Da aka haɗa sakamakon manyan gwaje-gwaje a 2010, an ga cewa duk rage LDL da 1 mmol/L, wato kusan 39 mg/dL a ɗakunan gwajin da ke amfani da wancan ma'aunin, yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 22 cikin ɗari. A ɗauki mutane ɗari masu ciwon suga da hawan jini waɗanda suka taɓa samun ƙaramar shanyewar jiki, a ce 30 daga cikinsu za su gamu da wani bugun cikin shekara goma. Idan aka sauke musu LDL daga 4 zuwa 2, haɗarin ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, talatin ɗin nan sun koma kusan 18. Mutum goma sha biyu ke nan suka tsira. Amma a mutane ɗari masu ƙarancin haɗari, waɗanda biyar kawai za su gamu da matsala, wannan maganin da wannan raguwar za su mayar da biyar zuwa uku. Wannan ne dalilin da ya sa likita ba lambar kolastarol kaɗai yake dubawa ba. Yakan rubuta sitatin ga wanda ya taɓa bugun zuciya ko shanyewar jiki ko da lambarsa ta yi kama da daidai, da mai ciwon suga da ya haura shekara 40, da wanda LDL ɗinsa ya kai 4.9 mmol/L ko ya wuce.

A jikin kwali sunayensu duk suna ƙarewa da haruffan statin, amma ƙarfinsu ya bambanta. Atobasitatin miligiram 40 zuwa 80, ko rosubasitatin miligiram 20 zuwa 40, suna rage LDL da rabi ko fiye. Simbasitatin miligiram 20 zuwa 40, da atobasitatin 10 zuwa 20, suna rage kashi 30 zuwa ƙasa da 50. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma zai yi mana amfani a gaba, shi ne ninka awon magani ba ya ninka aikinsa. Duk ninkawa ɗaya kusan kashi shida cikin ɗari kawai take ƙarawa. Ƙaramin awo ya riga ya yi mafi yawan aikin.

Yanzu batun ciwon jiki, wanda shi ne ya fi raba mutane da maganin.

Wanda ya ce cinyarsa na ciwo ba ƙarya yake yi ba, kuma ma'aikacin lafiyar da ya ce masa "ai tunani ne kawai" ya yi kuskure, ya kuma rasa shi. Ciwon gaskiya ne. Tambayar ita ce daga ina ya fito. A 2022 an tattara gwaje-gwajen da a cikinsu mara lafiya da likitansa duk ba su san ko ƙwayar gaske ake sha ko wadda babu magani a cikinta ba. Masu shan sitatin kashi 27.1 cikin ɗari sun yi kukan ciwon tsoka, masu shan ƙwayar da babu komai a cikinta kashi 26.6. Ma'ana, a cikin koke-koke goma na ciwon tsoka, fiye da tara ba maganin ne ya jawo su ba, kuma ɗan ƙarin da yake jawowa yawanci a shekarar farko yake bayyana. Wani gwajin da aka yi a Birtaniya mai suna SAMSON, wanda ya fito a 2020, ya fi nuna abin a fili. An ɗauki mutum 60 da suka riga suka bar sitatin saboda illa, aka ba kowa kwalabe goma sha biyu, kwalba ɗaya a wata: huɗu da atobasitatin miligiram 20, huɗu da ƙwayar da babu magani, huɗu kuma babu komai a ciki. A watannin da ba su sha komai ba ciwon ya yi sauƙi. A watannin ƙwayar da babu magani ya tashi har ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da suka ji a watannin sitatin. Da aka nuna musu sakamakon kansu, rabinsu suka koma shan maganin.

A wurinmu kuma abubuwan da ke sa ciwon jiki ba su ƙirguwa. Zazzaɓin cizon sauro yana farawa da ciwon gaɓoɓi, manomi a damina jikinsa ba ya rabuwa da tsami, dattijo mai ciwon gwiwa yana da shi tun kafin a rubuta masa komai, mai ciwon suga na da zugin ƙafa na jijiyoyi. Ciwon sitatin yana da kamanninsa. Yakan zo cikin makonni kaɗan da fara maganin ko ƙara awonsa. Yana kama manyan tsokoki, cinyoyi da sha-raɓa da kafaɗu da ɗuwawu, kuma ɓangarorin biyu tare. Tsami ne ko nauyi a cikin naman jiki, wani lokaci da rauni wajen tashi daga zaune ko miƙewa daga sujada. Ciwon da ke gwiwa ɗaya, ko mai tsira kamar allura a tafin ƙafa, ko wanda ya zo bayan shekara uku ana shan magani lafiya ba tare da an ƙara wani sabon magani ba, da wuya ya zama shi ne.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Sabon Gari mai shekara 58, mai ciwon suga da hawan jini, wanda bara hannunsa na dama ya mutu na ɗan lokaci bakinsa ya karkace, sannan ya warware. LDL ɗinsa kafin magani 4.2 ne. Yana shan maganin hawan jini amlodifin miligiram 10 da simbasitatin miligiram 40, wata biyar babu matsala. Sai gyambon ciki ya taso masa, aka haɗa masa magunguna a kyamis, cikinsu har da kilaritromaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kwana shida bayan nan cinyoyinsa biyu suka yi nauyi, hawa benen shago ya zama aiki. Ya ajiye simbasitatin ɗin ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Tambayar farko da ta kamata a yi masa ita ce, "Alhaji, wane sabon magani aka ƙara maka a 'yan kwanakin nan, ko na kyamis ko na gargajiya?" Ta biyu kuma, "Yaya launin fitsarinka?" Amsar ta farko ta warware rabin matsalar. Hanta tana da wata hanya da take narkar da simbasitatin ta fitar da shi, kilaritromaisin kuma yana toshe wannan hanyar, sai maganin ya taru a jini ninki da yawa ya taɓa tsoka. Eritromaisin ma haka yake yi, da ketokonazol da itirakonazol na kashe fumfuna, da magungunan ƙanjamau masu ritonabir a ciki. Ba a haɗa su da simbasitatin. Idan dole ne a sha kilaritromaisin na mako ɗaya ko biyu, sai a dakatar da simbasitatin har a gama. Sannan akwai kuskure na biyu tun daga farko: amlodifin shi ma yana rage narkewar simbasitatin, ko da yake kaɗan, shi ya sa ƙa'ida ta ce mai shan amlodifin kada simbasitatin ɗinsa ya wuce miligiram 20. Wannan haɗin yana da yawa a katunan masu hawan jini, kuma ya cancanci duk mai ba da magani ya tsaya ya duba shi.

Tambaya ta biyu ita ce ta ceton rai. Idan tsoka ta fara narkewa sosai, abin da ke cikinta yana zuba a jini ya toshe ƙoda, fitsari ya koma launin baƙin shayi, ya ragu, mutum ya ji rauni mai tsanani. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, mutum biyu zuwa uku cikin dubu ɗari a shekara, amma wanda ya ga haka ya daina maganin nan take ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ranar da aka ba shi ta komawa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ciwon hanta su ma suna sauya launin fitsari, kuma dukansu na asibiti ne, don haka babu abin jira.

A ce fitsarin ɗan kasuwar nan lafiya lau. Mataki na gaba gwajin jini ne mai suna CK, wanda ke nuna yawan sinadarin da ke fita daga tsoka idan ta ji rauni. Ana auna shi da iyakar da ɗakin gwajin ya rubuta a gefen takarda. A ce iyakar 200 ce, nasa ya fito 600, ninki uku ke nan. Ƙasa da ninki huɗu ba abin tayar da hankali ba ne, ana iya tsayawa a sake gwada maganin daga baya. Sama da ninki goma kuwa a tsayar da maganin, a duba ƙoda da fitsari. Sai dai a yi hattara da fassarar wannan gwaji. Aikin ƙarfi kamar huɗa ko dako yana ɗaga CK na kwanaki, allurar da aka yi a tsoka ma haka, kuma maza baƙar fata tun asali nasu yakan fi na Turawa yawa. Wanda aka yi wa allurai uku a ɗuwawu jiya, sakamakonsa na yau ba zai faɗi gaskiya ba. Yana da kyau kuma a duba aikin ƙoda da na tayirod, ƙwayar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo, domin idan aikinta ya yi rauni tana sa ciwon tsoka, tana ɗaga kolastarol, tana kuma sa sitatin ya fi taɓa mutum.

Daga nan sai a yi gwajin da ya fi kowane amfani, kuma ba ya cin ko kwabo. A ajiye maganin mako biyu zuwa huɗu, da sanin likita, a rubuta ranar. Idan ciwon bai gushe ba, to ba sitatin ne ba, a koma masa a nemi dalilin a wani wurin. Idan ya gushe, ba a yanke hukunci tukuna, sai an sake gwadawa, da wani sitatin dabam a ƙaramin awo. Ga wannan mutumin rosubasitatin ya dace, domin ba ya bin waccan hanyar da kilaritromaisin ke toshewa. A fara da miligiram 5, bayan mako huɗu zuwa shida in babu ciwo a kai shi 10, muddin ƙodarsa na aiki da kyau. Wanda ko wannan ya dame shi, ana iya ba shi rana ɗaya a tsallake ɗaya, tun da rosubasitatin da atobasitatin suna daɗewa a jiki. A nan ne batun kashi shida ɗin nan yake aiki: saukowa daga babban awo zuwa rabinsa ɗan kaɗan yake ragewa daga amfanin, barin maganin gaba ɗaya kuwa yana zubar da duka.

Tsoron hanta ya fi sauƙin amsawa. Ana auna ALT, gwajin jinin da ke nuna lafiyar hanta, kafin a fara, a sake bayan wata biyu zuwa uku. Mutane kaɗan nasu yakan ɗan hau, yawanci ya sauko da kansa, kuma ba a tsayar da magani sai ya haura ninki uku na iyaka an kuma tabbatar da gwaji na biyu. Lalacewar hanta ta gaske daga sitatin abu ne mai matuƙar wuya. Mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B wanda hantarsa ke aiki daidai, da mai kitse a hanta, yawanci suna iya sha bisa kulawar likita. Wanda idonsa ya yi ɗorawa ko cikinsa ya tara ruwa, wannan dabam ne, ba a ba shi. Abin da ya fi rikita lissafi shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, waɗanda ake sha tare da maganin asibiti ba a faɗa wa likita ba, in hanta ta motsa kuma a ɗora wa ƙwayar da aka san sunanta.

Batun suga gaskiya ne kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Sitatin yana ɗan ɗaga sugan jini. Lissafin da aka fitar a 2010 ya nuna mutum ɗaya cikin 255 da suka sha shi shekara huɗu ya samu ciwon suga saboda shi, kuma yawancin waɗanda abin ke samu su ne waɗanda dama suke bakin iyaka, masu ƙiba ko waɗanda sugansu ya fara hawa. Bugun zuciyar da aka kauce wa a cikin waɗannan mutanen ya ninka hakan. Mai ciwon suga ba ya barin sitatin saboda wannan, shi ne ma ya fi bukatarsa. Maganar raunin mazakuta kuwa, wadda maza ke jin nauyin faɗa, manyan gwaje-gwaje ba su nuna sitatin na jawo shi ba. Ciwon suga da hawan jini da toshewar jijiyoyi, waɗanda suka sa aka rubuta maganin tun farko, su ne suka fi kawo shi.

Wadda ya wajaba ta dakata ita ce mace mai ciki ko mai shayarwa, kuma mai niyyar ɗaukar ciki ta gaya wa likita tun da wuri, domin shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ajiye shi wata uku kafin nan.

Saura masu cewa in ka fara ba ka bari. Maganin ba ya kama jiki irin na kayan maye, babu abin da mutum zai ji ranar da ya daina. Abin da ke faruwa shi ne hanta tana komawa aikinta na da, cikin 'yan makonni LDL ya koma inda ya taso, kariyar ta tafi. Don haka sakamako mai kyau shaida ce cewa maganin na aiki, kuskure ne a ɗauke shi a matsayin sallama. Azumi ma ba ya hana shi, sau ɗaya ake sha a yini: simbasitatin da dare, domin a lokacin hanta ta fi ƙera kolastarol kuma shi ba ya daɗewa a jiki, atobasitatin da rosubasitatin kuwa kowane lokaci, bayan buɗa-baki ko da sahur. Wanda ya manta na jiya ya sha na yau kawai, kada ya haɗa biyu.

Ɗan kasuwar namu, bayan wata uku a kan rosubasitatin miligiram 10, ana sa ran LDL ɗinsa ya sauko daga 4.2 zuwa wajen 2.3. Ga wanda ya taɓa shanyewar jiki abin da ake nema shi ne ƙasa da 1.8. Ninka maganin zuwa miligiram 20 zai kai shi wajen 2.1 ne kawai, kuma mutum ne da cinyarsa ta taɓa ciwo. Ya fi dacewa a bar shi a kan 10 a ƙara masa ezetimib miligiram 10, wanda a hanji yake aiki yana hana kolastarol shiga jini, ba ya cika taɓa tsoka, yana kuma rage wani kashi 20 cikin ɗari na abin da ya saura. Wannan zai kawo shi dab da 1.8. A katinsa kuma a rubuta da manyan baƙaƙe cewa ya taɓa samun ciwon tsoka da aka haɗa masa simbasitatin da kilaritromaisin, a gaya masa ya riƙa nuna katin a duk kyamis ɗin da ya shiga kafin a ɗaure masa magani.